Farar shadda a motar Legas

Ran Laraba da yamma na je karɓo kayana wurin mai wanki da guga na unguwarmu, kwana biyu kafin mu tashi. Ɗaurin auren ɗan aminina ne a Agege, ran Asabar da ƙarfe 11 na safe, kuma aikina bai ba ni damar barin Sakkwato kafin Juma'a ba. Ma'ana zan sauka daga mota ne in wuce wurin ɗaurin aure kusan kai tsaye, bayan tafiyar sama da kilomita 1,000.

Dattijon ya fito min da babbar rigata, shadda ruwan sararin sama, ya shimfiɗa ta a kan tebur yana dubana.

"Alhaji, wagga ba da ita za ka shiga mota ba dai ko?"

Na ce masa a'a, ai na taɓa yin wannan wautar sau ɗaya ina saurayi, ta ishe ni. Ya yi dariya, sannan ya naɗe min ita yadda ake naɗe rigar da za ta yi nisa. Bai naɗe ta da zafin dutsen guga a jikinta ba, sai da ta huce sarai, domin in aka kulle yadi da ɗuminsa a cikin leda yakan yi gumi ya saki. Ya mayar da aikin wuya ciki don kada zaren ya goge, ya sa farar takarda tsakanin ninki da ninki, ya ɗora 'yar ciki da wando a kai, ya zura duka a leda. Naira 2,500 na biya har da wankin hula. Da na koma gida na samu kwali marar zurfi na kwantar da su ciki, na ɗaure da igiya. Hular kuwa, zanna bukar ce da aka ɗora a gungume ta bushe da kyau, sai na cusa mata singileti mai tsabta a ciki don kada ta lotse, na sa ta a wata robar abinci mai murfi.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, kari iri biyu ne a jikin shadda. Akwai karin ninki, layukan nan miƙaƙƙu da ke nuna daga hannun mai guga rigar ta fito, wannan ado ne, babu mai ganinsa ya ce komai. Akwai kuma yamutsewar zama, wadda ke taruwa a cinya da bayan gwiwa da gadon baya, ita ce ke sa a ga mutum kamar daga barci ya tashi. Shadda auduga ce da aka matse aka ba ta sheƙi, in kuma aka ƙara mata sitaci ko aka buge ta sai ta yi tauri kamar takarda, duk inda ta karye nan za ta tsaya. A naɗe a kwali za ta kwana biyu ba ta canza ba. A jikin mai zaune kuwa, awa ɗaya ta isa.

Kayan hanya na zaɓe su tun daren Alhamis. Kaftani ne ruwan toka, na yadi mai laushi wanda auduga ta fi yawa a cikinsa, an sha wanke shi har ya daina ƙaiƙayi. Yadda nake gwada yadi ba wuya: in dunƙule gefensa a tafin hannu, in ƙirga goma, in saki. In ya miƙe da kansa ko ya bar ɗan alama kaɗan, zai yi hanya. Amma wanda bai nuna alama ko kaɗan ba shi ma ina tsoronsa, domin galibi roba ce ta yi masa yawa, ba ya shan gumi, kuma kafin la'asar maƙwabcinka a kujera zai fara kau da kai. Launin ma da dalili. Fari yana nuna ƙura da miya, baƙi yana jan rana ta taga kuma farar ƙurar hunturu tana fitowa a kansa ɓaro-ɓaro. Ruwan toka da ruwan ƙasa su ne masu rufa asiri. Hannun rigar sakakke ne, babu maɓallan ƙarfe, saboda alwala. Wandon na zariya ne. A ciki singileti, a sama suwaita mai zif a gaba, sai safa, da takalmi sau-ciki mai laushi wanda ya ɗan yi min yawa, da tsohon rawani mai shara-shara, da tsohuwar hula wadda ko an zauna a kanta ba zan ji haushi ba.

Da asubar Juma'a ɗan yayata, wanda zai raka ni, ya iso. Shekararsa 24, bai taɓa wuce Kontagora ba. Na buɗe ƙofa sai na ga mutum cikin farar shadda ƙal, sabon ɗinki, irin kaftanin samari mai kama jiki, wando mai bel, baƙin takalmi mai igiya wanda jiya aka saye shi, hula a karkace. Turare kamar an fasa kwalba.

"Kai kuma ina za ka haka?"

"Kawu, ba ɗaurin aure munka nuhwa ba? Da mun sauka sai mu wuce."

Na tambaye shi me ke cikin jakarsa. Tawul, buroshi, cajar waya, da wata riga mai gajeren hannu ta zaman gida. Na ce ya koma ya sauya, ya ce mota za ta cika ta bar mu. Uwarsa ma ashe ta yi masa magana bai ji ba. Na ƙyale shi, amma na koma ɗaki na ƙara kaftani ɗaya da silifas a jakata ban ce masa komai ba.

A babbar tasha muka samu bas mai kujera 18, naira 40,000 kowane mutum. Watan Janairu ne, sanyin Sakkwato na asuba yana yanka kunne, hazo ya rufe gari har fitilun motoci suna yin ja. Yaran mota suna ta cusa buhunan albasa da jarkoki a but, ɗaya ya miƙo hannu zai karɓi kwalina. Na hana shi. Abin da ya shiga but yakan fito da warin abin da ya kwana kusa da shi, ga nauyin da za a danne shi da shi. Na zura kwalin a tsaye tsakanin kujerata da jikin mota, robar hula kuma cikin jakar hannu. Sai ƙarfe 8 saura muka tashi.

Daga Boɗinga zuwa Shagari zuwa Tambuwal iska ce kawai ke shigowa ta wata taga da ba ta rufuwa sosai. Ni na ja zif, na naɗe kunne da hanci da rawani. Yaron ya ƙudundune, ya cusa hannuwa a hammata, kuma wannan ƙudundunewar ita ta fara karya masa gaban riga. Shadda ba ta riƙe ɗumi. Da safe sanyi take ɗauka ta manna maka, da rana kuma sitacin ya hana iska ratsawa. Wata Hajiya da ke bayanmu ta ji tausayinsa ta miƙo masa zani ya yafa, bayan ta gama yi masa tsiyar cewa turarensa ya tayar mata da zuciya. Gaskiyarta. A mota rufaffiya turare mai ƙarfi azaba ne ga mai jin amai, wurinsa jaka sai an sauka.

Bayan mun wuce Aleiro da Jega rana ta fara aiki. Nan amfanin zif ya fito: na zuge suwaitar na zare ta a zaune ba tare da na buge kowa da gwiwar hannu ba, na naɗe ta na tokare baya da ita. Mai suwaitar da ake cirewa ta kai sai ya cire hula, ya ɗaga hannu biyu a wurin da mutum huɗu suka matsu a layi ɗaya. A lokacin hunturu garinmu yakan kwana ƙasa da digiri 20 ya wuni sama da 30, don haka riga ɗaya mai kauri ba ta raba gardama. Gara sirara biyu ko uku da za a riƙa ragewa.

Shingayen jami'an tsaro ban ƙirga su ba. Yawancinsu leƙowa ne kawai a ce a wuce. Abin da na saba shi ne da na ga direba ya rage gudu sai in sauke rawanin daga fuska, domin wanda ya rufe fuska ruf shi ake fara cewa ya sauko. Katina na ɗan ƙasa yana aljihun ƙirji tare da 'yan canji, manyan kuɗin kuma suna aljihun da tela ya ɗinka min ta cikin wando. A wani shinge kafin Koko aka ce kowa ya nuna kati. Yaron nasa yana cikin walat a aljihun baya na matsattsen wando, sai da ya miƙe a sunkuye, ya goga kafaɗa a rufin mota, kafin ya zaro shi. Ƙurar rufin ta bar masa tambari a kafaɗar hagu.

A Yawuri muka tsaya cin abinci da salla, muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru. Garin bakin Neja ne, kifi ba a magana. Na ci shinkafa da soyayyen kifi naira 2,000, na shimfiɗa hankici a cinya duk da kaftanina ba mai tona asiri ba ne. Wurin alwala ne ya fi ba yaron wahala. Sai da ya kwance maɓallan hannu ya ba ni na riƙe, hannun rigar ya ƙi wuce rabin damtse, ruwa ya gangara ciki. Ya kwance igiyar takalmi, ya rasa inda zai taka, ƙasan wandon ya sha jar laka. Ruwa kuma in ya ɗiga a shadda mai sheƙi ya bushe, wurin yakan dushe ya bar zagaye. Da ya zo cin abinci ya yi ta kaffa-kaffa, ya miƙa wuya kamar zalɓe, amma duk da haka manja ya samu ƙirjinsa. Ya ɗauko ruwa zai goge na riƙe hannunsa, don gogewa faɗaɗa tabon take yi. Na sa ya danna takarda a kai ta tsotse abin da za ta iya.

Hajiyar nan ta ba ni sha'awa. 'Yar kasuwa ce, ta ce tana bin hanyar nan tun kafin a haifi yaron. Doguwar riga ce a jikinta ta atamfa mai duhun zane, sakakkiya, da wando mai laushi a ciki saboda hawa da sauka, da hijabi marar nauyi iya gwiwa. Ta ce dogon hijabi har ƙasa shara yake yi a tasha, kuma ƙofar mota tana kama shi. Leshinta da gyalenta suna cikin jakar da ta rungume. Zanin da ta ara wa yaron kuwa shi ne bargonta, shi ne abin sallarta, shi ne labulenta in ta kama.

"Malam, wanga ɗan naka ango ne?"

"A'a Hajiya, ɗan rakiya ne."

"To Allah shi kai mu lahiya, rigar dai ta riga mu gajiya."

Tsakanin Kontagora da Makwa hanya ta gwada mana hali. Ramuka, manyan motoci jere, inda kwalta ta ƙare kuma jar ƙura ta tashi ta shigo ta ko'ina. In an rufe taga zafi, in an buɗe ƙura. Na shafa man kaɗanya a leɓe da cikin hanci, kaɗan, na goge yatsuna da kyau kafin in taɓa komai. Kaftanina ya sha ƙurar nan daidai da na kowa, sai dai in na kaɗe shi ba a gani. Farar shaddar kuwa gumi ya jiƙa wuyanta da bayanta, ƙura ta zauna a kan gumin, ta zama kalar kunun kanwa.

Wajen magariba ya fara motsa ƙafa yana cije baki. Na ce ya cire takalmin. Da ƙyar ya fita, kuma robar safarsa ta bar zobe a ƙwaurinsa kamar an ɗaure da igiya. Wannan ba ciwo ba ne, kusan kowa yana samunsa. In mutum ya daɗe zaune ƙafa a ƙasa, naman ƙwauri ba ya motsi balle ya tura jini sama, sai ruwa ya taru a idon sawu da tafin ƙafa. Takalmin da ya yi daidai da safe sai ya zama matsattse da dare, sabo kuma wanda fatarsa ba ta saki ba ya fi muni. Bel ma haka yake yi wa ciki bayan an ci abinci, shi ya sa nake son zariya, a sassauta ta ba wanda ya sani. Na nuna masa ya riƙa ɗaga dunduniya yana saukewa, yana juya idon sawu, kuma duk inda aka tsaya ya sauka ya taka. Kumburin ƙafa biyu da ke sacewa bayan an yi tafiya ko an kwanta ba abin tsoro ba ne. Wanda likitoci ke gargaɗi a kai shi ne ƙafa ɗaya ta kumbura ita kaɗai, da zafi da ciwo a ƙwauri, domin zaman da ya wuce awa 4 yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya. Wannan asibiti ake kai shi, ba a murza shi. Na zaro silifas ɗin nan na ba shi. Ya dube ni, ya dubi silifas, bai ce komai ba.

A Makwa direba ya ce ba zai ƙara gaba ba sai dare ya raba. Muka ci tuwo, muka kama tabarma naira 500 a wata rumfa kusa da masallaci. Na mayar da suwaita, na yi matashi da jaka, kwalina a gefen kaina. Ni kam na yi barci. Shi ya kwana a zaune jingine da bango wai kada rigar ta ƙara lalacewa, ga sauro, ga sanyi.

Cikin duhu muka haye gadar Jebba, muka wuce Ilori da Ogbomosho da Oyo ina gyangyaɗi. Daga Ibadan iska ta canza. Mu a Sakkwato zafinmu busasshe ne, gumi yana fitowa iska na shanye shi, in ka shanya riga kafin ka gama cin abinci ta bushe. A kurmi gumi ba ya zuwa ko'ina, yana nan a jikinka, riga ta manne a baya. Na cire safa, na tura suwaita da rawani can ƙasan jaka. Singiletin nan da wasu ke ganin ƙarin zafi ce, a nan take biyan kuɗinta, don ita ke tare gumin kafin ya fito a riga.

Ƙarfe 9 da rabi muka sauka, muka hau ƙaramar mota zuwa Agege. Ban nufi gidan biki ba. Na tambayi wani mai shayi, Basakkwace ne ma ashe, ya nuna mana gidan wanka kusa da masallaci, naira 300 bokiti. Na yi wanka da ruwan sanyi, sannan na zauna a benci daga ni sai sabuwar singileti da wando kusan minti goma. Wannan zaman yana da muhimmanci a Legas, domin in ka fito wanka ka zura shadda nan take, gumin da ke biyo baya zai zana maka taswira a baya kafin ka kai bakin titi. Da jikina ya huce na kwance kwali. Rigar tana nan yadda dattijon ya naɗe ta, karinta a miƙe, ba warin albasa. Na sa 'yar ciki, na riƙe babbar rigar a hannu sai da muka zo ƙofar gidan na zura ta. Na goge takalmina da tsumma, na fito da hula daga roba, sai a lokacin na shafa turare.

Yaron ya fito wanka ya tsaya yana kallon shaddarsa a rataye a ƙusa. Wuya ja, ƙirji manja, cinya kamar an tauna.

"Kawu, ko akwai mai guga nan kusa?"

Na ce guga a kan datti ƙara kama shi take yi, manjan nan in ya ji wuta ya zauna ke nan. Na miƙa masa kaftanin da na ɓoye, ruwan ƙasa, ya ɗan yi masa yawa a kafaɗa amma tsaf yake. Takalmin ne ya ƙi. Ya zauna ya ɗaga ƙafafu a bango na ɗan lokaci, ya cire igiyar gaba ɗaya, sannan suka shiga da ƙyar, yana tafiya kamar mai taka ƙaya. Mun isa saura kwata. A hotunan bikin yana can gefe cikin rigata, yana murmushin dole.

Dawowa aminina ya matsa ya saya min tikitin jirgi ta Abuja, yaron kuma ya tsaya zai kwana biyu wurin abokai. A jirgi lissafin ya sha bamban, tunda kowane tashi bai fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba kuma babu ƙura, sai na sa kaftani mai kyau tun daga gida. Abin da ban bari ba shi ne wandon zariya da takalmi sau-ciki, don a wurin bincike masu bel da maɓallan ƙarfe suna ta kwancewa suna ɗaurawa ni na wuce. Suwaitar ma na fito da ita, saboda sanyin na'ura a ɗakin jira na Abuja, inda muka yi awa uku, ya fi na cikin jirgin. Babbar rigar ta koma kwalinta na riƙe a hannu. Muka sauka a filin jirgi na Sultan Abubakar III da la'asar, hazo ya tare mu tun daga matakala.

Shaddar yaron ni na taho da ita a leda. Washegari na kai wa dattijon nan. Ya warware ta, ya ɗaga ta a rana, ya juya gaba ya juya baya, ya kai hanci wurin manjan.

"Alhaji, wagga kokawa anka yi da ita?"

Na ce Legas ta je. Ya ce jar ƙurar za ta fita in an jiƙa ta kwana ɗaya, manjan kuma zai gwada amma bai yi alkawari ba, sheƙin dai sai an kai ta wurin masu bugu. Ya yanke naira 3,000. Na ce ya rubuta, mai ita zai zo ya biya ran Alhamis.